Fuskar da kyamara ba ta gani ba: fashin baƙi kan tantance mutum da selfi da katin shaida

Duk wanda ya buɗe asusun banki ko na hada-hadar kuɗi ta waya a 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake gudana. Manhaja za ta nemi ka ɗauki hoton gaban katin shaidarka da bayansa, ko shafin fasfo mai ɗauke da hotonka, sannan ta juya zuwa kyamarar gaba, ta zana wani da'ira mai siffar ƙwai a allon wayar, ta ce ka daidaita fuskarka a ciki. Wata manhajar za ta ce ka juya kai hagu, ka ƙifta ido, ko ka matso kusa. Wata kuwa ba ta ce maka komai, sai dai ka ga allon yana sauya launi na ɗan lokaci. Kafin minti guda ya cika an yanke hukunci a kanka: ko an karɓe ka, ko an ce ka sake gwadawa, ko an tura takardunka ga ma'aikaci ya duba da idonsa.

A cikin wannan ɗan lokaci, tambayoyi uku ne tsarin yake ƙoƙarin amsawa, kuma yana da kyau a rarrabe su tun daga farko, domin kowace yaudara tana da wadda take hari a cikinsu. Ta farko ita ce ko katin na gaskiya ne. Ta biyu ita ce ko fuskar da ke cikin selfin ita ce fuskar da ke jikin katin. Ta uku, wadda ta fi sauran wuya nesa ba kusa ba, ita ce ko wannan fuska ta mutum ce mai rai wanda yake gaban kyamarar a daidai wannan lokacin. Abin da ke ƙara wa tambaya ta ukun wuya shi ne, kamfanin da ke tantancewa ba ya ganin mutum ko kaɗan. Abin da ke isa ga sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan, jerin hotuna ne da aka aiko daga wata na'ura da ba tasa ba, wadda take hannun wanda ake bincika, a ɗakin da babu mai gani. A ofis, ma'aikaci yana riƙe da katin a hannunsa, yana kallon mai katin ido da ido. A intanet kuwa, mai neman shiga shi ne yake riƙe da kayan aikin da za a tantance shi da su.

Tambaya ta biyu ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don ita ce aka fi ƙwarewa a kanta. Manhaja tana mayar da kowace fuska zuwa jerin lambobi da ke wakiltar kamanninta. Tsarin FaceNet da masu bincike na Google suka wallafa a 2015 ya yi amfani da lambobi 128 ga kowace fuska, wasu tsare-tsaren da suka biyo baya kuma suna amfani da 512. Daga nan sai a auna kusancin jerin da aka ciro daga hoton kati da wanda aka ciro daga selfi, idan makin ya haye wani layi da aka gindaya sai a ce mutum ɗaya ne. Abin lura kawai shi ne, wannan awo bai san komai game da rai ba. Hoton da aka buga a takarda, da bidiyon da ake kunnawa, da fuskar da kwamfuta ta ƙirƙira, duk za su iya samun maki mai kyau, domin kamanni kaɗai aka tambaye shi, shi kuma ya amsa abin da aka tambaye shi.

Saboda haka aka ƙara abin da za mu kira gwajin rai, kuma tarihinsa na farko abin dariya ne. A 2011 Android 4.0 ya zo da buɗe waya da fuska, ba a jima ba mutane suka nuna cewa hoton mai wayar ya isa ya buɗe ta. A sigar da ta biyo baya a 2012 aka ƙara sharaɗin ƙifta ido, sai wasu suka ɗauki hoto guda, suka yi kwafinsa, suka shafe idanun da launin fata a kwafin, suka riƙa sauya hotunan biyu a allo, wayar kuwa ta yarda an ƙifta. A 2016 masu bincike daga Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill suka tattara hotunan da mutane suka ɗora da kansu a shafukan sada zumunta, suka gina fuskoki masu tudu da kwari a kwamfuta, suka nuna su ga kyamara ta allon wata waya, kuma suka yaudari manhajoji biyar na tantance fuska da ake sayarwa a lokacin.

Duk waɗannan dabaru suna da abu ɗaya da ya haɗa su: ana nuna wa kyamara ta gaskiya wani abu na ƙarya. Wannan ita ce yaudarar gaban kyamara, kuma rauninta shi ne cewa abin ƙaryar dole ya bi ta cikin haske da gilashin kyamara kafin ya isa, kuma a wannan hanyar yana barin sawu. Idan aka ɗauki allo da kyamara, ƙananan ɗigon hasken allon suna cin karo da ƙananan ɗigon na'urar ɗaukar hoto, sai wani zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana a kan hoton, irin wanda kowa ya taɓa gani idan ya ɗauki hoton talabijin da waya. Gilashin allo yana mayar da hasken taga ko na fitila a matsayin faci guda mai faɗi, alhali fatar mutum tana warwatsa haske, tana ɗan sheƙi a goshi da karan hanci kawai. Launukan da aka ɗauka sau biyu sukan dusashe ko su karkata zuwa shuɗi. Wani lokaci ma gefen wayar da ake kunna bidiyon ko yatsan da ke riƙe da takardar yana leƙowa a kusurwar hoton.

Akwai kuma batun zurfi, wanda shi ne dalilin da ya sa wasu manhajoji ke cewa ka matso da fuskarka har ta cika da'irar. Idan fuska ta gaskiya ta kusanci kyamara, hanci yana ƙara girma fiye da kunnuwa, domin ya fi su kusa da gilashin, kunnuwan ma sukan fara ɓuya a bayan kumatu. Hoton da ke kan takarda ko allo shimfiɗaɗɗe ne, idan aka matso da shi komai yana girma daidai wa daida. Wannan bambanci na lissafi ne zalla, kuma babu yadda takarda za ta kauce masa. Abin rufe fuska na roba da aka ƙera da kamannin wani shi ne yake tsallake wannan gwajin, amma yana da tsada, yana buƙatar lokaci, kuma kowane guda na mutum ɗaya ne, don haka ɓarawon da ke son buɗe asusu ɗari ba shi zai nufa ba.

Wannan ɓangare yana da ma'auni da aka amince da shi a duniya, wato ISO/IEC 30107-3, wanda aka fitar a 2017 aka sabunta a 2023. Ya tanadi adadi biyu da ya kamata duk mai sayen irin wannan fasaha ya tambaya tare. Na farko, da ake rubutawa APCER, shi ne kason yaudarar da ta wuce ba a kama ta ba. Na biyu, BPCER, shi ne kason mutanen gaskiya da aka ƙi bisa kuskure. Su biyun suna kama da sikeli: idan ka danne ɗaya, ɗayan ya ɗaga. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, mutum 10,000 na gaskiya suna neman asusu a wata guda, kuma an tsaurara gwajin har yana ƙin kashi 3 cikin 100 daga cikinsu. Mutum 300 ke nan da ba su yi laifin komai ba aka rufe wa ƙofa, kuma galibinsu masu tsohuwar waya ne ko waɗanda suka ɗauki hoto a ɗaki mai duhu. Idan sashen kasuwanci ya koka aka sassauta layin, ɓarayi ne za su fara jin daɗin sassaucin. A 2023 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 82 na gano irin wannan yaudara daga masu ƙira 45, kuma abin da ya fito fili shi ne babu ɗaya da ta yi fice a kan kowane nau'in hari: wadda ta iya kama takarda tana iya yin rauni a kan abin rufe fuska.

Matsalar ita ce, duk abin da muka faɗa zuwa yanzu ya dogara ne a kan zato guda, wato cewa hotunan sun fito daga kyamara. Nau'in yaudara na biyu, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya kamata a fahimta a yau, yana rushe wannan zaton ne daga tushe. Maimakon a nuna wa kyamara wani abu, sai a ture kyamarar gefe, a cusa bidiyon da aka shirya kai tsaye cikin bututun da ke kai hotuna ga manhaja. Ana yin hakan da kyamarar bogi, wato wata manhaja da ke gabatar da kanta ga burauza a matsayin kyamara, ko da wayar kwaikwayo da ke gudana a cikin kwamfuta, ko da wayar da aka fasa tsaronta aka sauya yadda take miƙa hotuna. Wannan ita ce yaudarar bayan kyamara. A nan babu zanen igiyar ruwa, babu sheƙin gilashi, babu gefen allo, domin bidiyon bai taɓa bi ta cikin haske ba. Gwajin da ya ci jarrabawar ISO/IEC 30107-3 da maki mai kyau yana iya kallon irin wannan bidiyon ya ce lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba, don ma'aunin bai shafi wannan hari ba tun asali. Sai a 2024 ne hukumar ma'aunai ta Turai ta fitar da CEN/TS 18099, wanda aka keɓe domin gano cusa bayanai irin wannan.

Wani lamari da ya faru a Shanghai, wanda aka ba da labarinsa a 2021, ya nuna yadda sassan suke haɗuwa. Masu gabatar da ƙara sun tuhumi wasu mutum biyu da yaudarar tsarin tantance fuska na hukumar haraji tun daga 2018. Matakin farko shi ne sayen hotunan fuskokin mutane masu kyawun fitowa, tare da bayanansu, a kasuwar bayan fage ta intanet. Mataki na biyu shi ne amfani da wata manhaja da ke motsa hoto, ta sa fuskar da ke tsaye ta gyaɗa kai, ta girgiza shi, ta ƙifta ido, ta buɗe baki, waɗanda su ne ainihin motsin da tsarin ke nema. Mataki na uku shi ne wata waya ta musamman da aka sauya, ta yadda idan manhajar haraji ta nemi kyamarar gaba, bidiyon da aka shirya ake miƙa mata. Da wannan suka yi rajistar kamfanin bogi da sunayen mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka riƙa fitar da rasitan haraji na ƙarya da darajarsu ta kai yuwan miliyan 500.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan labari shi ne cewa bidiyoyin ba sai sun yi wani kyau na a zo a gani ba. Tsarin yana neman motsi ne, ya kuma samu motsi. Idan muka ɗauka wata manhaja tana da umarni biyar, wato duba hagu, duba dama, ƙifta ido, buɗe baki da gyaɗa kai, kuma tana zaɓen uku a jere ba tare da maimaitawa ba, to jeri 60 ne za su iya fitowa, sakamakon 5 sau 4 sau 3. A takarda wannan yana kama da kariya mai ƙarfi, tun da ba wanda zai iya sanin jerin da zai zo masa. Amma mayaudari ba ya buƙatar bidiyo 60, gajerun bidiyo biyar sun ishe shi, yana kunna kowanne idan an kira shi. Da zuwan sauya fuska nan take, wato abin da ake kira difek, ko wannan wahalar ma ta kau: mutum yana zaune gaban kyamararsa yana bin umarni da kansa, manhaja tana ɗora fuskar wani a kan tasa hoto bayan hoto, sannan a cusa sakamakon. Ƙifta idon na gaske ne, juya kan na gaske ne, fuskar ce kawai ta aro.

Akwai lokacin da aka sa rai cewa za a riƙa gane difek da aibobinsa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Albany sun lura cewa fuskokin jabu na lokacin ba sa ƙifta ido yadda ya kamata, saboda hotunan da aka horar da su da su kusan duk na mutane ne masu buɗaɗɗun idanu. Ba a daɗe da wallafa binciken ba masu ƙirƙirar suka gyara. Har yanzu akwai alamu da ma'aikaci mai lura zai iya kamawa: iyakar fuska da gashi ko wuya tana rawa, fuskar tana lalacewa idan aka juya kai sosai gefe, yatsun da suka gifta gaban fuska suna narkewa cikinta, hasken da ke kan fuska bai dace da na ɗakin ba, haƙora suna haɗewa kamar farin zane guda. Sai dai kowace daga cikinsu aibi ne na manhajar wannan shekarar, kuma na'urar ganowa da aka horar a kan fuskokin wata manhaja takan yi rauni idan ta haɗu da na wata sabuwa da ba ta taɓa gani ba. Wanda ya jingina tsaronsa gaba ɗaya a kan kallon hoto yana bin sawu ne a baya kullum.

Shi ya sa masu tsara waɗannan gwaje-gwaje suka koma neman abin da ba za a iya shirya shi tun kafin lokaci ba. Sauya launin allo da muka ambata a farko shi ne misali mafi bayyana. Sabar tana zaɓen jerin launuka a daidai lokacin gwajin, wayar tana haska su a fuskar mutum, sannan a duba ko hasken da ya dawo daga goshi da kumatu ya bi wannan jerin, a kan lokacinsa, kuma ya kwanta a kan fuskar yadda haske ke kwanciya a kan abu mai tudu da kwari. Idan launuka huɗu ne ana haska su sau takwas, jeri 65,536 ne za su iya fitowa, kuma bidiyon da aka ɗauka jiya ba shi da yadda zai dace da na yau. Wannan yana kashe maimaita tsohon bidiyo kusan gaba ɗaya. Amma yana da iyaka ta ɓangarori biyu. A tsakar rana, hasken allo ba ya tasiri a kan fuska, fata mai duhu kuma tana mayar da haske kaɗan, don haka alamar da ake nema takan yi rauni ga mutanen gaskiya. A ɗaya ɓangaren, mayaudarin da ke sauya fuska nan take yana iya karanta launin allon ya rina fuskar jabun da shi, abin da ya rage wa mai tsaro sai ya auna jinkiri da kuma yadda rinin ya kwanta.

Hanya ta biyu ita ce a daina tambayar hoton, a tambayi na'urar. Manhajar da aka girka a waya tana iya neman shaidar da tsarin wayar ya sa wa hannu, ta Play Integrity a Android ko App Attest a iPhone, cewa manhajar ta asali ce kuma tana gudana a kan na'ura ta gaskiya. Tana iya duba sunan kyamarar da girman hotunan da take bayarwa, ta ga ko sun dace da irin wayar da aka ce ita ce. Tana iya ba kyamarar umarni ta sauya haske ko ta sauya inda ta mai da hankali, ta ga ko hoton ya amsa, domin bidiyon da aka cusa ba ya jin umarnin da aka ba kyamarar da ba ta aiki. Tana iya kwatanta rawar hoton da abin da na'urar auna motsi ta wayar ke faɗa: hannun mutum ba ya tsayawa cak, don haka idan hoton yana nuna waya tana motsi alhali na'urar motsin ta ce tana kwance ba ta ko girgiza, to akwai magana. A burauzar kwamfuta yawancin waɗannan shaidu ba sa samuwa, kuma dalili ke nan da ya sa shafuka da yawa suke nuna maka lambar QR su ce ka ƙarasa a wayarka, abin da mutane ke ɗauka neman wahalar da su ne kawai.

Yanzu mu koma ga tambaya ta farko, ta katin, wadda na jinkirta da gangan, domin sai an fahimci cusa bidiyo ake gane girman haɗarinta. Idan hoton katin ma ta wannan bututun yake shigowa, to mayaudari yana riƙe da ɓangarorin biyu na kwatancen. Ba ya buƙatar ya kwaikwayi fuskar kowa. Zai ɗauki sunan wani da lambarsa na gaskiya, ya ƙirƙiri fuskar da babu mai ita a duniya, ya ɗora ta a hoton katin, ya kuma ɗora ta a selfin, sai awon kamanni ya ba da maki mai tsananin kyau. A gaskiya ma kyawun makin kansa abin zargi ne. Hoton kati yakan kasance na shekarun baya, da wani haske, da wani aski, da wata ƙiba, don haka mutumin gaskiya ba ya kama da hotonsa ɗari bisa ɗari. Idan selfi da hoton katin da aka ce an bayar shekara takwas da suka wuce suka zo da kusurwa ɗaya, da inuwa ɗaya a ƙarƙashin hanci, da gashi kwance a wuri ɗaya, ma'aikaci mai hankali zai dakata.

Mutane da yawa suna zaton layukan haruffa da lambobi da ke ƙasan shafin fasfo wata kariya ce. Ƙa'ida mai lamba 9303 ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta sa lambar tabbatarwa a bayan wasu bayanai, kuma lissafinta a buɗe yake: a ninka lambobin da 7, 3, 1 a jere ana maimaitawa, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe. Ranar haihuwa 12 ga Agusta 1974 ana rubuta ta 740812. Ninkin ya ba da 49, 12, 0, 56, 3 da 2, jimillarsu 122, don haka lambar tabbatarwar ita ce 2. Wannan yana kama kuskuren karatu da jabun da aka yi da ganganci, amma wanda ya san lissafin zai fitar da lambar daidai cikin daƙiƙa. Hatta hoton nan mai walƙiya da ke sauya launi idan aka karkata kati bai tsira ba. A watan Agusta 2022 ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta nuna cewa wani mai bincike nata ya tsallake tantancewar bidiyo ta kamfanoni da dama, ta hanyar ɗaukar katin gaskiya daga kusurwoyi masu yawa da sauya wasu sassansa a cikin bidiyon, har hukumar da ke kula da tsarin bayanan lafiya na ƙasar ta dakatar da amfani da wannan hanyar a tsarinta.

Abin da ke sauya lissafin da gaske shi ne ɗan guntun lantarki da ke cikin fasfo na zamani da wasu katunan shaida, wanda waya ke karantawa ta NFC idan aka manna ta a jikinsa. A cikinsa akwai bayanan mai fasfon da hotonsa, kuma hukumar ƙasar da ta bayar da shi ta sa musu hannu na lantarki, ta yadda sauya ko ɗigo ɗaya na hoton zai ɓata sa hannun. Idan sabar ce ta tabbatar da wannan sa hannu da kanta, ba wayar mai nema ba, to ɓangare ɗaya na kwatancen ya fita daga hannun mayaudari. Dole ya samu fasfon gaskiya, sannan ya kwaikwayi fuskar mai shi, sannan ya tsallake gwajin rai da binciken na'ura. Bai zama abin da ba zai yiwu ba, amma ya tashi daga aikin da ake yi wa mutum dubu a dare ɗaya zuwa aikin da ake yi wa mutum guda da wahala. Inda babu guntun, abin da ya fi kusa da shi shi ne a kwatanta selfin da hoton da ke rumbun hukumar da ta bayar da katin, idan doka ta ba da dama.

Daga nan ne ake gane dalilin da ya sa ɓarayi suka koma farautar fuskokin gaskiya. A watan Fabrairu 2024 kamfanin tsaro na Group-IB ya bayyana wata muguwar manhaja da ya sa wa suna GoldPickaxe, wadda aka yaɗa a Tailan da Biyetnam da sunan manhajar gwamnati. Tana sa wanda ya girka ta ya ɗauki hoton katinsa, ya kuma yi bidiyon fuskarsa yana ƙifta ido, yana murmushi, yana juya kai, duk da sunan tantancewa, sannan ta aika wa masu ita. Wannan ya biyo bayan umarnin da babban bankin Tailan ya bayar a 2023 cewa a riƙa tantance fuska kafin tura kuɗin da ya kai baht 50,000. Mutumin da aka yi wa haka bai ga wani abin baƙo ba, domin matakan da ɓarawon ya sa shi ya bi su ne ainihin matakan da bankinsa ya saba sa shi bi. Kuma wanda aka sace wa kalmar sirri yana sauya ta a minti ɗaya, wanda aka sace wa bidiyon fuska kuwa ba shi da wata fuskar da zai sauya.

A aikace, abin da ke tona asirin mayaudari sau da yawa ba ya cikin buƙata guda, yana cikin tarin buƙatu ne idan aka jera su. A sanarwar da FinCEN, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi ta Amurka, ta aika wa bankuna a watan Nuwamba 2024 game da difek, cikin alamun da ta lissafa akwai amfani da ƙarin manhajar kyamara yayin tantancewa, da mai nema da ke ta kukan matsalar na'ura yana neman a sauya hanyar tantancewar, da hoton da bai dace da shekarun da ke rubuce a katin ba. Ma'aikacin da ya buɗe buƙatu goma sha biyu na mako guda yana iya ganin sunaye daban-daban da fuskoki daban-daban, kowace ta ci gwajin rai, amma labulen da ke bayansu ɗaya ne, tsagewar da ke bangon tana wuri ɗaya, katunan duk an ajiye su a kan tebur guda mai tabo a kusurwar dama, kuma na'urar da ta aiko su ta ce ita waya ce alhali girman hotunanta na kyamarar kwamfuta ne. Manhajar sauya fuska fuskar kawai take sauyawa, ɗakin da kafaɗun da rigar takan bar su yadda suke, don haka ma'aikatan da suka daɗe a wannan aiki sukan fara duba bangon da ke bayan mutum kafin su dubi idanunsa.